Saƙon "An Rufe Asusunka": Yadda Ake Gane Na Gaskiya Da Na 'Yan Damfara

A Najeriya, kusan duk wanda yake da asusun ajiya a banki yana samun saƙonni a wayarsa. Idan an sa masa kuɗi, saƙo ya shigo. Idan ya ciri kuɗi, saƙo ya shigo. Wannan shi ne abin da mutane suke kira "alat". Saboda mun saba da shi, mun yarda da shi, kuma wannan yardar ce 'yan damfara suke amfani da ita. Ɗan damfara shi ne mutumin da yake raba mutane da dukiyarsu ta hanyar yaudara, ba da ƙarfi ba. A kudancin ƙasar nan an fi saninsa da ɗan 419, sunan da aka samo daga sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka.

Daga cikin saƙonnin da suke aikawa, wanda ya fi tayar da hankali shi ne mai cewa an rufe asusun mutum. Yawanci da Turanci ake rubuta shi, amma ma'anarsa ba ta wuce haka ba: "Ya mai hulɗa da mu, an rufe asusunka saboda matsalar BVN. Ka kira wannan lamba, ko ka shiga wannan shafi, kafin awa ashirin da huɗu, in ba haka ba za a rufe shi har abada."

Abin da ya sa saƙon yake cin mutane shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Banki yana iya dakatar da asusu. Idan mutum ya daɗe bai yi hulɗa da asusunsa ba, ana iya hana cirar kuɗi daga ciki har sai ya je ya farfaɗo da shi. Idan takardar shaidar da ya bayar ta daina aiki, ko sunansa na banki ya saɓa da wanda ke kan BVN, ana iya neman ya gyara. Kotu ma tana iya ba da umarnin a riƙe kuɗin da ke cikin wani asusu. A watan Disamba na 2023, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da su tabbatar an haɗa asusun mutane da lambar BVN ko NIN, kuma bankuna sun aika wa jama'a saƙonni na gaskiya a kan haka. Saboda haka ba daidai ba ne a ce duk saƙon da ya ambaci rufe asusu ƙarya ne. Aikin da ke gabanmu shi ne mu bambanta.

Me mai saƙon yake nema?

Kafin mu duba saƙon kansa, ya kamata mu san abin da ɗan damfara yake bukata. Lambar asusu mai alƙaluma 10 ba ta ishe shi ba. Wannan lamba kowa yana iya saninta, domin ita muke ba mai son ya tura mana kuɗi. Har a jikin shago ake rubuta ta. Da ita ana sa kuɗi, ba a cira.

Abin da yake buɗe ƙofa yana jikin katin cirar kuɗi. A gaban katin akwai doguwar lamba, yawanci mai alƙaluma 16, da wata da shekarar da katin zai daina aiki. A bayansa akwai ƙaramar lamba mai alƙaluma 3 da ake kira CVV. Sai kuma PIN, lambar sirri mai alƙaluma 4, wadda ba a rubuce take a ko'ina ba, tana cikin kan mai katin. Wanda ya mallaki waɗannan yana iya yin sayayya a intanet da sunan mai katin, ko da katin yana cikin aljihun mai shi.

Saura mataki ɗaya. Idan an nemi biyan kuɗi da kati a intanet, banki yakan aika wata lamba zuwa wayar mai asusun, sau da yawa mai alƙaluma 6. Ana kiranta OTP. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma tana mutuwa bayan 'yan mintuna. Ma'anarta ita ce banki yana tambaya: "Kai ne kake son fitar da wannan kuɗin?" Duk wanda ya shigar da lambar, ya amsa da "E, ni ne." Ɗan damfara ba ya riƙe da wayarka, don haka ba shi da hanyar ganin lambar sai ka karanta masa da bakinka ko ka rubuta masa da hannunka.

Daga nan za mu fahimci doka ta farko, wadda ta fi sauran ƙarfi. Banki ba ya tambayar PIN, ko OTP, ko CVV, ko kalmar sirrin manhajarsa, ba ta saƙo ba, ba ta kiran waya ba. Dalilin a fili yake. Idan banki ne ya rufe asusu, a kwamfutarsa ya rufe, kuma a nan zai buɗe. Ba ya bukatar lambar sirrin kowa don yin haka, kamar yadda mai gida ba ya roƙon baƙo makullin ɗakin da shi da kansa ya kulle. Ko ma'aikacin da yake zaune a cikin banki ba ya ganin PIN ɗinka, kuma bai kamata ka faɗa masa ba.

Mu bi wani misali daki-daki

A ce akwai wata mata mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Onitsha. Tana da naira 186,500 a asusunta, kuɗin da za ta biya dillalinta ranar Litinin. Ranar Juma'a da ƙarfe 7:40 na yamma, bayan ta rufe shago, sai saƙo ya shigo. Ya ce lambar BVN ɗinta ta daina aiki, an dakatar da asusunta bisa umarnin Babban Banki, kuma tana da awa 24 ta gyara. A ƙarshensa akwai adireshin wani shafin intanet.

Abu na farko da za ta duba shi ne wanda ya aiko. Saƙonnin banki sukan zo da sunan bankin a sama, ba da lambar waya ba. Idan ta ga lamba mai alƙaluma 11 da ta fara da 080, ko 081, ko 070, ko 090, to layin wani mutum ne, irin wanda kowa yake iya saye. Wannan kaɗai ya isa ta yi watsi da saƙon. Amma a nan akwai tarko. Ganin sunan banki a sama ba hujja ba ce. Akwai hanyoyin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, inda mai aikawa yake zaɓar sunan da zai bayyana. Wani lokaci ya canza harafi ɗaya a sunan bankin yadda ido ba zai lura ba. Wani lokaci kuma sunan ya zo daidai, har waya ta jera saƙon ƙaryar a ƙarƙashin saƙonnin alat na gaskiya. Saboda haka lambar waya tana nuna ƙarya, amma sunan banki ba ya nuna gaskiya.

Abu na biyu shi ne abin da saƙon ya ƙunsa. Ya ce BVN ta daina aiki. An ƙaddamar da BVN a shekarar 2014. Lamba ce mai alƙaluma 11 da aka haɗa da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa, kuma mutum ɗaya lamba ɗaya yake da ita a duk bankunan da yake hulɗa da su. Ba ta da ranar daina aiki. Katin cirar kuɗi ne yake daina aiki bayan wasu shekaru, ba BVN ba. Haka kuma Babban Banki bankuna yake kula da su, ba ya riƙe asusun ɗaiɗaikun mutane, kuma ba ya aika wa 'yar kasuwa saƙo yana neman bayanan katinta. Ana sa sunansa ne kawai don mutum ya tsorata.

Sannan ta lura da yadda aka kira ta. Saƙon ya ce "ya mai hulɗa da mu", bai ambaci sunanta ba, bai kuma nuna ko da ƙarshen lambar asusunta ba, alhali alat na gaskiya yakan nuna wani ɓangare na lambar, a rufe sauran da alamar tauraro. Dalili shi ne saƙon ba ita kaɗai aka aika wa ba. An watsa shi ga ɗimbin mutane, har da waɗanda ba su da asusu a bankin da aka ambata. Kamar mai jefa taru ne a kogi, bai san kifin da zai kama ba. Sai dai kuma, ko da ya kira sunanta cikakke, wannan bai wanke shi ba. Sunan mutum da lambar wayarsa suna warwatse a wurare da yawa: a rasit, a takardun neman aiki, a allon shago. Kuma duk wanda ya rubuta lambar asusu a manhajar banki kamar zai tura kuɗi, zai ga sunan mai asusun ya fito.

Abu na uku shi ne lokaci. Ba banza ba aka zaɓi yammacin Juma'a. An rufe bankuna, yawancinsu ba za su buɗe ba sai Litinin, ga shi an ba ta awa 24 kacal. Manufar ita ce ta ga ba ta da wata hanya sai wadda saƙon ya nuna mata. Idan banki yana son a gyara wani abu da gaske, yakan sanar tun da wuri, ya maimaita sanarwar, ya ce a zo reshe mafi kusa da katin shaida. Ba ya cewa kuɗin mutum za su ɓace gobe. Ko asusun da aka dakatar da gaske, kuɗin suna nan da sunan mai su har ya cika sharaɗin. Wannan batu yana da amfani ƙwarai: idan saƙon gaskiya ne, jira zuwa Litinin zai jawo jinkiri ne kawai. Idan ƙarya ne, gaggawa za ta cinye kuɗin duka.

Karanta adireshin shafi

Wannan shi ne wurin da ko masu ilimi suke faɗawa, don haka za mu ɗan dakata a kansa. A ce adireshin bankin matar na gaskiya shi ne na farko a ƙasa, na biyu kuma shi ne wanda ya zo a saƙon:

```
https://www.sunanbanki.com/login
https://sunanbanki.com.bvn-update.xyz/login
```

Dukansu biyu suna ɗauke da sunan bankin. Ido yakan fara karatu daga hagu, ya ga sunan da ya sani, ya natsu. Amma mai shafi ba a hagu ake gane shi ba. A bar `https://` da ke farko, a nemi sandar farko mai karkata, wato `/`, da ta biyo baya. Abin da yake dab da ita ta hagu shi ne ainihin sunan shafin. A adireshi na farko, `sunanbanki.com` ne. A na biyu, `bvn-update.xyz` ne, duk abin da ya gabace shi kuwa ado ne da mai shafin ya rubuta yadda ya ga dama. Kamar mutum ne ya rubuta sunan babban kamfani a ƙofar rumfarsa. Rubutun bai mai da rumfar ta zama ta kamfanin ba.

Wasu adireshin kuma gajeru ne, ba su nuna sunan kowa ba, irin masu farawa da `bit.ly`. Waɗannan suna ɓoye inda za su kai mutum. Haka nan alamar kwaɗo da ake gani kusa da adireshi ba shaidar gaskiya ba ce. Abin da take nufi kawai shi ne wani na gefe ba zai iya karanta abin da ake aikawa tsakanin waya da shafin ba. Ba ta faɗin ko wane ne mai shafin, kuma ɓarawo ma yana iya samunta kyauta.

Da matar ta danna, ga abin da zai faru. Shafi zai buɗe da tambarin bankinta da launinsa, domin kwafar hoto ba wuya. Zai nemi lambar kati, da ranar daina aiki, da CVV, da PIN. Tana gama rubutawa, ɗan damfara yana ganinsu a wajensa. Nan take zai shigar da su a wani shafin biyan kuɗi, ya nemi, a ce, naira 150,000. Bankinta na gaskiya zai aiko mata da OTP na gaskiya. A daidai lokacin, shafin ƙaryar zai ce: "Rubuta lambar da muka aiko maka don buɗe asusunka." Ko kuma wani mai ladabi ya kira ta, ya ce, "Ranki ya daɗe, daga banki ne, karanta mini lambar da ta shigo yanzu." Zuwan lambar daga banki zai ƙara mata tabbaci, alhali shi ne alamar cewa ana ƙoƙarin fitar da kuɗinta. Da za ta karanta saƙon OTP ɗin har ƙarshe, yawanci za ta ga gargaɗi cewa kada a ba kowa lambar, wani lokaci ma har da adadin kuɗin da ake son cira. Idan ta bayar, cikin minti ɗaya alat zai shigo: saura naira 36,500.

Gwajin da ya fi tabbaci

Duk alamomin da muka ambata suna taimakawa, amma gwanin ɗan damfara yana iya kauce wa da yawa daga cikinsu. Yana iya rubuta Turanci mai kyau ba kuskure. Yana iya sa sunan banki a sama, ya kira sunanka. Akwai abu ɗaya da ba zai iya ba, wato ya bi ka ta hanyar da kai ka zaɓa. Saboda haka a ajiye saƙon gefe guda. Kada a danna adireshinsa, kada a kira lambar da ke ciki, kada a mayar da amsa. A tuntuɓi banki ta hanyar da aka riga aka sani tun kafin saƙon ya zo.

Matar tana da hanyoyi a hannunta ko da dare ne. Tana iya buɗe manhajar bankin da ta saba amfani da ita. Idan ƙaramar waya gare ta, tana iya danna gajeriyar lambar bankinta. Kowane banki da tasa: `*737#` ta GTBank ce, `*894#` ta First Bank, `*919#` ta UBA, `*966#` ta Zenith, `*901#` kuma ta Access. Amma a kula, ganin ragowar kuɗi kaɗai bai isa ba, domin asusun da aka hana cira daga cikinsa yana iya nuna abin da ke ciki. Gwajin da ya dace shi ne ta fitar da ɗan kuɗi kaɗan, misali ta sayi katin waya na naira 100. Idan ya shiga, asusun yana aiki, saƙon ƙarya ne, magana ta ƙare.

Idan bai shiga ba fa? Wannan ma bai tabbatar da saƙon ba. Kowa ya san yadda sabis yake yankewa, musamman a ƙarshen mako. Sai ta juya katinta, ta kira lambar kula da masu hulɗa da aka buga a bayansa. Wannan lamba daga banki ta fito, tun ranar da aka ba ta katin. Ya fi aminci a kan neman lamba a shafukan sada zumunta, inda ake buɗe shafukan bogi da sunan bankuna, suna jiran masu kawo kuka. Ko a wannan kiran, ma'aikaci zai iya tambayar sunanta da wasu bayanai don ya tabbatar ita ce, amma ba zai nemi PIN ko OTP ba. Idan ya ce lallai akwai matsala, ranar Litinin sai ta tafi reshe da katin shaidarta.

Idan an riga an bayar

Wanda ya gane bayan ya rubuta bayanansa, minti ɗaya ma yana da daraja a wajensa. Farkon abin yi shi ne rufe katin. Yawancin bankuna sun ba da damar yin haka a cikin manhaja, ko ta wata gajeriyar lamba ta gaggawa, ko ta kiran lambar bayan kati. Yana da kyau mutum ya nemi wannan lamba ta bankinsa tun yau, ya rubuta a takarda, domin lokacin ruɗewa ba lokacin bincike ba ne. Canza PIN kaɗai bai wadatar ba, tunda doguwar lamba da CVV suna hannun ɓarawo. Dole a soke katin a karɓi sabo. Idan kalmar sirrin manhaja aka bayar, ita ma a canza ta.

Idan kuɗi sun riga sun fita, a sanar da banki nan take, a faɗi adadin da lokacin, domin ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga ya nemi a riƙe su. Nasarar wannan ta danganta da sauri. 'Yan damfara ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya. Sukan rarraba su zuwa wasu asusun, su cire a wurin masu POS ko a na'urar ATM. Kada a goge saƙon don haushi ko kunya. Shi da lambar da ta kira da alat ɗin cirar kuɗin, su ne shaidar da za a nuna wa banki, da 'yan sanda, ko hukumar EFCC. A rubuta ƙorafi, a karɓi lambar shaidar shigar da shi. Idan banki bai warware ba bayan mako biyu, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Akwai kuma kira na biyu da yakan biyo baya. Bayan kwana ɗaya ko biyu, wani zai bugo ya ce shi jami'i ne, an kama ɓarayin, za a dawo da kuɗin, sai dai a biya wani abu na buɗe fayil, ko a karanta masa wata lamba da za ta shigo. Ya san adadin da aka sace, ya san ranar da abin ya faru, domin shi ne ya sace, ko abokinsa. Shi ma a kashe wayar, a koma ga lambar da ke bayan kati.